An ce min fes bodi ce, amma tayar gaba guda ɗaya ta cinye ta ciki: yadda za ka gane motar da aka gyara bayan hatsari

"Salam oga. Na ga wata Corolla 2010 beljiyam, dillalin ya rantse min fes bodi ce ba ta taɓa hatsari ba. Amma na lura tayar gaba ta dama ta cinye ta ciki sosai, kuma bakin bonet ta wajen kamar ya fi buɗewa. Ya ce min alaimen ne kawai. Don Allah ta yaya zan gane ko an buga ta an gyara kafin in zuba kuɗina?"

Wa'alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, tun farko ka cire maganar fes bodi daga ranka, domin ba ita ce za ta cece ka ba. Motocin da ake shigo mana da su daga Amurka da yawansu daga gwanjon motocin inshora aka saye su, wato an riga an buga su can, inshora ta ga gyaran ya fi ƙarfin kuɗin motar ta sa a gwanjo, ɗan kasuwa ya saya da araha ya loda a jirgi, ta sauka Legas ko Kwatano a gyara ta a fesa mata fenti. Wannan ba laifi ba ne a kansa, sana'a ce, kuma akwai motar da bamba da modigad kawai aka canza mata wadda zan saya da kuɗina in ɗauki iyalina a ciki hankalina kwance. Abin da nake tsoro, kuma abin da nake so kai ma ka ji tsoro, shi ne bugun da ya wuce fatar mota ya shiga ƙashinta, ya taɓa ƙafar casis ko mazaunin shokazoba ko ginshiƙin ƙofa. Fata ana canzawa da sifana, ƙashi kuwa in ya lanƙwashe sai ja da walda, kuma mafi yawan garejinmu da sarƙa da jak da wutar gas ake ja, ba da benci mai awo ba.

Shi ya sa ni in na je duba mota shaidu uku nake saurara, tazarar da ke tsakanin faifan bodi, da fenti, da taya. Kowane ɗaya shi kaɗai zai iya yi maka ƙarya. Taya na iya cinyewa saboda ramin hanya, fenti na iya sauyawa saboda ɗan sahu ya goge ƙofa, bonet na iya zama a karkace saboda wani ya kwance shi lokacin gyaran inji. Amma in su ukun suka nuna kusurwa ɗaya ta mota, to magana ta ƙare, an buga wajen. Kai kuma a tambayarka biyu sun riga sun nuna gaban dama, saura ka je ka tambayi na ukun, sannan ka leƙa ciki ka ga iya inda bugun ya kai.

Kar ka je da magriba, kar ka yarda a nuna maka ita a jiƙe an gama wanke ta yanzun nan, ruwa da man sheƙi suna ɓoye komai. Ka je da safe ko da la'asar sakaliya lokacin da haske ke zuwa a kwance, motar a bushe, ba ƙura, a ajiye ta a daɓe mai daidai, sitiyari a miƙe. Ka riƙo tocila, da tef ɗin awo irin na kafinta, da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi irin wanda ake mannawa a jikin firij.

Tazarar bodi

A kamfani ana haɗa bodin mota a kan ma'auni, don haka layin da ke tsakanin bonet da modigad, ko modigad da ƙofa, yawanci yana tsakanin milimita 3 zuwa 5, kuma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne layin ya tafi da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, sannan na hagu ya yi daidai da na dama. Ba sai kana da abin awo na musamman ba. Ka haɗa katin banki uku ko huɗu ka zura a layin, ka ja su daga wajen gilashi zuwa wajen fitila, in a sama sun shiga da ƙyar a ƙasa kuma suna lilo, to layin ya buɗe kamar almakashi. Ka je ɗaya gefen ka yi haka a daidai wuraren. Motar da kanta ita ce ma'aunin kanta, ɓarin da ba a taɓa ba shi zai gaya maka yadda ɗayan ya kamata ya kasance.

Layin da ya yi faɗi amma faɗin ɗaya ne daga farko har ƙarshe bai cika damuna ba, sau da yawa modigad ne na kasuwa da ba na asali ba, ko mai ɗaurawa ya yi gaggawa, ana sassauta noti a daidaita. Wanda ke tayar min da hankali shi ne wanda ya tsuke a wannan kusurwa ya buɗe a kishiyarta, misali bonet ya matse modigad ɗin hagu ta gaba, ya bar rata a modigad ɗin dama. Bonet faifai ɗaya ne mai kusurwa huɗu, ba ya lanƙwasa kansa, in ka ga bai zauna daidai a ramin da aka yi masa ba kuma shi lafiyarsa ƙalau, ramin ne ya karkace, wato gaban motar gaba ɗaya ya gusa gefe. Mai gyara zai yi ta wasa da noti ya raba kuskuren gida biyu don ido kar ya kama, amma ba zai iya ɓatar da shi ba, in ya gyara wajen bonet sai ya ɓullo a wajen ƙofa ko fitila.

Sai ka shafa da tafin hannu daga modigad zuwa ƙofa, ya kamata hannunka ya wuce ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ka buɗe ƙofofi huɗun ɗaya bayan ɗaya ka rufe a hankali, ka ji sautinsu. Ƙofar da sai an buga ta da ƙarfi, ko take ɗan faɗowa ƙasa in an buɗe, ko aka ga ƙugiyar kulle ta goge fenti a wani sabon waje, tana ba da labari. Tsohuwar ƙofar direba kan ɗan sauka saboda yawan buɗewa, wannan tsufa ne, amma ƙofar fasinja ta gaba ko ta baya ba ta da wannan uzurin.

Daga nan ka buɗe bonet ka kalli kawunan notin da suka riƙe modigad ta sama, da na hinjin bonet. A irin waɗannan Toyota ana fesa fenti bayan an ɗaura su, saboda haka kan notin launin motar ne, sumul. In sifana ta taɓa hawa kai za ka ga fentin ya ɓare a kusurwoyi, ko ka ga zoben tsohon mazaunin wosha a gefe, alamar notin ya gusa daga inda yake da. Wasu masu wayo suna ɗiga fenti da burushi a kai, da tocila za ka ga ya yi kauri ya yi dabbare-dabbare. Kuma in motar Amurka ce, duba 'yar takardar VIN da ake mannawa a manyan faifai, cikin bonet, bakin modigad, gefen ƙofofi, murfin but. Lamba ce mai harafi da alƙalami 17, dole ta yi daidai da wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Faifan da babu takardar a jikinsa alhali ɗan'uwansa na ɗaya gefen yana da ita, ko aka fesa fenti a kanta, ko ka ga wadda aka rubuta R da DOT a maimakon lambar, canza shi aka yi.

Fenti

Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci suna neman bambancin launi, kuma launi shi ne mafi rauni a cikin alamomin. Bamba roba ce, ko daga kamfani takan ɗan bambanta da ƙarfen da ke kusa da ita, musamman a mota silba ko fara mai ƙyalli, don haka kar ka yanke hukunci da bamba. Ka kwatanta ƙarfe da ƙarfe, modigad da ƙofa, ƙofar gaba da ta baya. Ka tsuguna a wajen fitilar gaba ka kalli gefen motar a kwance har zuwa baya, ka sa ido a kan hoton wani miƙaƙƙen abu da ke fitowa a jikin fentin, kamar falwaya ko bakin kwanon rufi. A faifan da ba a taɓa ba layin zai tafi a miƙe, inda aka cika da fila aka goge da hannu kuwa zai yi ta rawa yana lanƙwasa.

Fentin kamfani yana da ɗan ƙurji-ƙurji mai laushi iri ɗaya a duk jikin motar. Wanda aka fesa a gareji ko dai ƙurjin ya fi girma, ko an yi masa bafin ya yi santsi fiye da sauran, kuma in ka matso da tocila za ka ga 'yan ƙwayoyin ƙura sun makale a ciki, da ƙananan ramuka kamar na allura, da layukan sanfefa a ƙarƙashin sheƙin. A garinmu da ƙura ba ta ƙarewa, mai fenti in ba shi da ɗakin fenti rufaffe ba yadda zai yi ya tsira daga wannan. Sannan ka ɗaga robar gilashi da farce, ka duba robar ƙofa, da baƙar robar cikin modigad ta saman taya, da wayoyi da tiyo na kusa. Kamfani yana fesa bodi ne tsirara kafin a ɗaura roba ko waya, saboda haka duk feshin launin mota da ka gani a kan roba daga baya ya zo. Ka bi bakin ƙofa ta ciki da yatsa, in ka ji wani kaifin layi inda sheƙi ya tsaya kaushi ya fara, nan ne aka manna tef.

In za ka iya samun mitar kaurin fenti, ko ka ɗauki wanda yake da ita, ta fi duk wannan sauri. Fentin kamfani a irin waɗannan motoci yawanci yana wajen maikiron 80 zuwa 160, faifan da aka sake fesawa yakan haura 200 zuwa 300 da wani abu, in ka ga 500 ko 1000 kuwa fila ce a ƙasa. A nan ma kar ka riƙe lamba kamar karatu, ka fara auna rufin motar da ɓarin da kake ganin lafiyayye, su ne za su ba ka asalin kaurin wannan motar, sai ka nemi inda ya yi tsalle. Ka auna kowane faifai a wuri huɗu ko biyar saboda fila ba ta cika faifai duka, tana taruwa ne inda aka lotsa. Wani abu da ya kamata ka sani, sabon modigad da aka canza gaba ɗaya zai iya nuna lamba mai kyau tunda fenti ɗaya ne a kansa ba fila, shi ya sa mita ba ta maye gurbin duban noti. In ba mita, maganaɗisun firij ɗin nan ka naɗe shi a ƙyalle mai laushi, inda fila ta yi kauri za ka ji riƙonsa ya yi sanyi ko ya zame. Ba ya aiki a kan bamba, ba ya aiki a kan alminiyom da wasu sababbin motoci ke yin bonet da shi, amma Corolla taka ƙarfe ce.

Wuraren da nake so ka fi dagewa da mita su ne waɗanda ba a kwance su da sifana, wato ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba, ginshiƙin tsakiya tsakanin ƙofofi, dogarin ƙasan ƙofa, rufi, da faifan baya na saman taya. Fila a modigad maganar ragin kuɗi ce. Fila a ginshiƙi ko rufi kuwa tana nufin motar ta sha bugu a gefe ko ta wuntsila, kuma wannan ginshiƙin shi ne abin da ke tsakanin kafaɗar yaronka da motar da za ta shigo ta gefe. Ni ba na sa hannu a saye irinta ko nawa aka rage.

Taya, da abin da dillali ya ce

Maganarsa ta alaimen tana iya zama gaskiya, amma bari in nuna maka dalilin da ya sa ban gamsu ba. Taya in iska ta yi mata kaɗan tana cinyewa a baki biyu, in ta yi yawa tana cinyewa a tsakiya, in shokazoba ya mutu tana yin tudu da kwari zagaye da ita, duk waɗannan ba ruwansu da hatsari. Abin da masu alaimen namu suke ɗaurewa a tayarod shi ne ko tayoyin gaba suna kallon juna ko suna kallon waje, wanda a allon kwamfuta ake rubuta TOE. In wannan ne ya kauce, yawanci tayoyin gaba biyun ne suke ci tare, domin in kana tafiya sitiyari yana raba kuskuren tsakaninsu, kuma in ka shafa hannu a kan zanen tayar daga ciki zuwa waje za ka ji santsi ta ɗaya wajen da kaifi in ka dawo. Taya ɗaya tilo da ta cinye a baki ɗaya sumul, 'yar'uwarta lafiya, ta fi kama da jingina, wato saman tayar ya kwanta ciki, CAMBER a allo. To a wannan Corolla jinginar ba abu ba ne da ake juya tayarod a gyara, ƙarfunan ne suka tsayar da ita, ɗan wasan da ke notin ƙasan shokazoba kaɗan ne. In ta kauce da yawa wani abu ne ya lanƙwashe, ko shokazoba, ko ƙarfunan da ke riƙe wili, wato nokul da lowa am, ko kuma, wanda ba ma fata, mazaunin da aka ɗaura su a jiki.

Kafin ka yarda da shaidar taya ka tabbatar tata ce. A gefen kowace taya bayan rubutun DOT akwai alƙalami huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In tayoyi huɗun kamfani ɗaya ne shekara ɗaya, sun daɗe tare a motar, shaidarsu tana da ƙarfi. In kowace da sunanta da shekararta, tsintowa aka yi a wajen masu tayar beljiyam, mai yiwuwa a wata motar ta cinye. Haka kuma in ka ga gaba sababbi fil baya tsofaffi, ka duba na bayan da sifiya da kyau, sau da yawa wadda ta cinye a gaba ita ake mayarwa baya ko a jefa but.

Ga gwajin da ba ya buƙatar komai. Sitiyari a miƙe, ka zura yatsunka tsakanin bayan tayar gaba da bakin modigad ta wajen ƙofa, ka ƙirga yatsu nawa suka shiga, ka je ɗaya gefen. Sannan ka auna da tef daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu da dama. Na wannan Corolla milimita 2600 ne. Tef da hannu ba sa rasa kuskuren milimita 4 ko 5, wannan ka yafe, amma bambancin 10 zuwa sama yana nufin ƙafa ɗaya ta koma baya.

Wata da na duba mai irin wannan ciwon

Corolla ce irin taka, silba, wani maƙwabcina ya kira ni in gani kafin ya biya. Daga nesa ba ka da abin cewa. Layin bonet ta hagu milimita 4 ne daga sama har ƙasa, ta dama ya fara da 3 a wajen gilashi ya ƙare da kusan 7 a wajen fitila. Fitilar dama ta fi ta hagu haske da sabunta, a jikin gilashinta an rubuta DEPO, wato ta kasuwa ce ba ta asali ba, ta hagu kuwa tambarin Toyota ne kuma ta ɗan yi ruwan ɗorawa irin na shekaru. Notin modigad ɗin dama duk sun sha sifana, takardar VIN babu. Mita ta nuna rufi da ɓarin hagu wajen 110 zuwa 125, modigad ɗin dama 140, ƙofar gaba ta dama wajen 260 a rabin gaba sannan ta sauko a rabin baya, wato an watsa fentin ya shiga ƙofa don launi ya saje. Ginshiƙin gilashi da dogarin ƙofa lafiya. Zuwa nan ban ce masa kar ya saya ba, duk abin da na gani fata ce.

Taya ce ta sa na kwanta ƙasa. Huɗun iri ɗaya ne, shekara ɗaya. Ta gaban hagu zurfin zanenta wajen milimita 5 ne ko'ina, ta dama 5 a waje amma ta ciki ta sauka har ta taɓa 'yan gadojin nan na cikin rami da ke nuna an kai 1.6. Yatsu huɗu suka shiga a hagu, uku a dama, tef ya ba ni bambancin wajen milimita 14. Muka ɗaga ta muka cire baƙar robar cikin modigad, na haska ƙafar casis, wato dogon ƙarfen nan mai kamar akwati da ya taho daga ƙasan gilashi zuwa bayan bamba. Ta hagu a miƙe take, da ɗigon waldar kamfani, 'yan ramuka zagayayyu masu girma ɗaya a jere da tazara ɗaya, da sila, wato gam ɗin toshe mahaɗar ƙarfe, wadda inji ya ja mai tauri a ƙarƙashin fenti. Ta dama tana da ƙunci a bayan inda ƙarfen bamba ke ɗaure, an buga shi da guduma an kwantar, launin ƙarfen ya ƙone a gefe alamar an gasa shi da wuta kafin a ja, an bi da walda mai tudu, an shafe da baƙin kwalta sabo wanda ɗaya gefen ba shi da shi. Silar wajen ma da yatsa aka shafa ta, na danna da farce ta lotsa.

Da muka kai ta alaimen na kwamfuta takardar ta faɗi abin da taya ta riga ta faɗa, CAMBER na dama ya fi na hagu kwanciya ciki da fiye da digiri ɗaya, CASTER na dama, wato jinginar shokazoba zuwa baya in an kalli motar ta gefe, ya yi ƙasa, shi ya sa a hanya in ka sassauta riƙon sitiyari take zarcewa dama da sauri. Duk mota takan ɗan bi dama a titinmu saboda gangaren da aka yi wa ruwa, amma a hankali, ba irin wannan ba. TOE kuwa kore shar, an ɗaure shi daidai, ka ga mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce an yi alaimen, an yi wanda za a iya yi ne. Na gaya wa maƙwabcin nawa ya haƙura da ita. Ba cin taya kaɗai ba ne, wannan ƙafar an ƙera ta ne ta naɗe a tsare ta shanye bugu, wadda aka riga aka naɗe aka gasa aka miƙe ba za ta sake yin aikin yadda aka tsara ba.

Da a ce mun buɗe mun tarar ƙafar casis a miƙe, waldar kamfani tana nan, mazaunin shokazoba ta sama ba tsagewar fenti, sai lowa am ko shokazoba kawai ya lanƙwashe, da shawarata ta bambanta. Waɗannan da noti suke, a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka samu na beljiyam, a canza a sake hawa kwamfuta, in lambobi suka dawo cikin iyaka shikenan, sai a cire kuɗin kayan da na taya biyu daga farashi. Rami ma yana lanƙwasa su ba tare da wani hatsari ba. Sharaɗin da nake ba mutane shi ne a canza a auna kafin a biya, ba bayan an biya ba.

Tunda bugun gaba muke zargi, kar ka bar wajen ba ka duba iyabag ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilarsa ta kama, ta yi wajen daƙiƙa 6 ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam an cire ƙwan ko an rufe shi, in kuma ta mutu a daidai lokacin da fitilar mai ko ta batir ta mutu bayan inji ya tashi, ka yi zargin an haɗa wayarsu, a sa kwamfuta a karanta SRS, wato tsarin iyabag ɗin. Ka ja bel ɗin gaba biyun har ƙarshe ka sake, wanda ya maƙale ko ba ya komawa, ko takardar jikinsa ta nuna shekarar da ba ta motar ba, an taɓa shi. Bayan motar ma minti biyu ne, ɗaga kafet ɗin but ka cire sifiya ka kalli ramin, in akwai ƙunci ko sabuwar sila ko ruwa kwance. Ƙafar bayan wannan Corolla gungumen ƙarfe ɗaya ne da ba a daidaita shi, tayar baya in tana ci a baki ɗaya mai yiwuwa shi ne ya lanƙwashe.

Iyakar abin da ido zai gani

Gyaran da aka yi da kayan asali a kan benci, aka fesa a ɗakin fenti, zai iya wuce duk gwajin tazara da na shafa, mita da takardar alaimen ne kawai za su ɗan tona shi, kuma gaskiya irin wannan gyaran in lambobi sun yi daidai ba shi ne abin gudu ba. Motar da aka fesa gaba ɗaya kuma tana kashe maka kwatance, tunda ba sauran faifan asali da za ka auna da shi, a nan sai ka bar waje ka koma ciki kacokan, noti, sila, walda, ƙasan kafet. Ka rubuta VIN ɗin a Google, sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAAI suna fitowa ka ga motar yadda take kafin a taɓa ta, rahoton tarihin mota na Carfax ma yana taimakawa, sai dai duk waɗannan sun tsaya ne a abin da aka rubuta a can, bugun da ta sha a hanyar Legas zuwa Arewa ko a hannun wanda ya fara hawanta a nan ba zai fito ba.

Ni daga nan ban ga motarka ba, don haka ba zan ce maka casis ɗinta ya taɓu ba. Abin da zan ce shi ne alamu biyun da ka gani a kusurwa ɗaya sun isa ka ƙi biya sai an cire robar cikin modigad ɗin dama ka haska ƙafar da idonka, an kuma hau kwamfuta an ba ka takarda mai nuna CAMBER da CASTER na hagu da dama, ba TOE kaɗai ba. Ka tafi da mai gyaran bodi naka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma mai bodi ya fi makaniken inji ganin irin wannan. Kuɗin awon kai za ka biya, ba shi da yawa. In mai motar ya ce ba za a kwance roba ba ko ba za a fita da ita awo ba, ka bar masa abarsa, Corolla 2010 ba ita kaɗai ba ce a kasuwa.